Karat da lambar tsabta: yadda za ka gane gwal nawa ne a cikin kayan 18

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai an min ita ta fuska daban. Wani ya ce an sayar masa da sarƙa a matsayin gwal karat 18 amma da ya duba jiki 750 ya gani, ko an cuce shi ne? Wata ta ce ita ta ɗauka 18 ɗin nan kashi 18 cikin ɗari ake nufi shi ya sa take gudunsa. Wani kuma ya kai zobe zai sayar aka yi masa lissafi a gabansa, yana kallon kalkuleta amma bai fahimci komai ba, ya karɓi abin da aka ba shi ya tafi yana wasiwasi. To bari mu zauna mu bi abin daki-daki da sarƙa guda ɗaya, daga duba hatimi har zuwa sanin giram nawa ne gwal na gaskiya a cikinta, da abin da ya kamata kuɗinta ya kama.

Kayan aikin ba su da yawa. Sikeli na dijital mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato mai iya nuna 0.01 na giram, gilashin ƙara girma irin mai ninka abu sau 10, kalkuletar waya, ƙaramin kofi da ruwa da zare siriri, sai maganaɗisu mai ƙarfi in akwai. Sikelin kicin mai tsallake giram ɗaya-ɗaya ba zai yi wannan aikin ba, kar ma ka fara da shi.

1. Fara raba ma'aunin nan biyu a kanka

Karat da lambar tsabta, wadda 'yan sana'ar ke kira fainnes, abu ɗaya suke aunawa, wato yawan gwal a cikin gamin ƙarfe. Inda suka rabu shi ne adadin da kowanne ya raba ƙarfen. Karat yana raba shi gida 24. Lambar tsabta tana raba shi gida 1000. Shikenan bambancin.

In aka ce karat 18, ana nufin in ka raba nauyin ƙarfen gida 24, gida 18 gwal ne, sauran gida 6 wasu ƙarafa ne da aka haɗa kamar azurfa da jan ƙarfe. Raba 18 da 24 za ka samu 0.75, kashi uku cikin huɗu kenan, kashi 75 cikin ɗari. In ka mayar da shi kan dubu ya zama 750. Don haka mai sarƙar da ya ga 750 ba a cuce shi ba, 18 da 750 sunan abu ɗaya ne.

```
karat ÷ 24 × 1000 = lambar tsabta
lambar tsabta ÷ 1000 × 24 = karat
```

Waɗanda za ka fi cin karo da su ga su nan, ka haddace ko ka ajiye a waya: karat 24 ana buga masa 999, karat 22 shi ne 916, karat 21 shi ne 875, karat 18 shi ne 750, karat 14 shi ne 585, karat 10 shi ne 417, karat 9 kuma 375. Za ka lura 14 in ka yi lissafi 583 da ɗan abu yake bayarwa, amma masu ƙera kaya da yawa suna ɗan ƙara gwal ɗin su buga 585. Shi kuma 24 ba a rubuta masa 1000 saboda ba a iya tace gwal ya fita tas ɗari bisa ɗari, sai dai 999 ko 999.9.

Dalilin da ya sa ni na fi son a yi lissafi da lambar dubu shi ne ta fi karat tsefe abu. Karat ɗaya tal daidai yake da kusan 41.7 cikin dubu, wannan babban taki ne. Ƙarfen da aka gwada ya nuna 735 da wanda ya nuna 750 duk a baki za a ce maka "ai 18 ne", alhali akwai giram ɗaya da rabi na gwal tsakaninsu a kowane giram 100. Karat ya fi daɗin faɗa a ciniki, amma in za a ƙirga kuɗi a koma kan dubu.

Gargaɗi: kar ka ɗauka tunda 18 ta gaza 24 da shida, to kashi 6 cikin ɗari kawai aka rage. Shida cikin 24 ne, rubu'i guda cur. Wannan kuskuren na sa mutum ya biya kuɗin 18 kusa da na 24 yana ganin ya yi riba.

2. Nemo hatimin ka karanta shi gaba ɗaya

A sarƙa, duba wajen maƙallin ko wani ɗan ƙaramin faifai da ke kusa da shi. A zobe, cikin ciki. A ɗan kunne, jikin tsinken da ke shiga kunne ko abin da ke riƙe shi ta baya. A awarwaro, ta ciki ko bakin maƙulli. Goge wurin da tsumma tukuna don datti da sabulu suna cike ramin rubutun, sannan ka sa gilashin a wuri mai haske.

Abin da kake son gani shi ne 750, ko 18K, ko 18KT, ko 18ct, wani lokaci Au750, Au ɗin alamar gwal ce a kimiyya. Kayan da aka yi wa hatimi a Indiya za ka ga an haɗa biyun an rubuta 18K750 tare da alamar BIS, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar. Na Birtaniya kuma ban da lambar 750 akwai alamar ofishin da ya gwada, kan damisa na Landan, anka na Birmingham, fure na Sheffield, gidan sarauta mai ganuwa na Edinburgh. Irin wannan ya fi nauyi a wurina saboda wani ne daban ya gwada ya buga, ba wanda ya ƙera ba. Lamba 750 ita kaɗai ba tare da wata alama ba, maganar maƙeri ce kawai, kuma ƙarfen buga lamba kowa na iya mallakarsa.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Mutum ya ga 18K sai murna ta hana shi karanta haruffan da ke biye. In ka ga 18K GP ko GEP ko HGE ko RGP, to ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe, 18 ɗin tana magana ne a kan ɗan siririn rufin da ke sama, cikin ba gwal ba ne. In ka ga GF, shi rufinsa ya fi kauri, sau da yawa za ka ga an rubuta 1/20 a gaba, ma'ana rufin gwal ɗin kashi ɗaya cikin ashirin ne na nauyin kayan. A kayan giram 20 rufin giram 1 ne, kuma in rufin na 18 ne to gwal tsantsa 0.75 na giram ne kacal, ba giram 15 ba. In kuma abu yana ƙyalli ruwan gwal amma an buga masa 925, azurfa ce aka yi wa rufi.

Wani ruɗanin kuma shi ne karat na duwatsu. Daimon da sauran duwatsu masu daraja su ma ana auna su da karat, amma nasu nauyi ne, karat ɗaya 0.2 na giram, ba ruwansa da tsabtar gwal. Za ka iya ganin zobe an rubuta 750 a gefe ɗaya, 0.25ct a wani gefen. Na farkon na ƙarfen ne, na biyun nauyin dutsen ne. Riƙe wannan 0.2 ɗin, za mu yi amfani da shi yanzu.

Kuma ka duba kowane ɓangare daban. Sarƙa da abin da aka rataya mata ba lallai karat ɗinsu ɗaya ba, haka maƙalli ana iya canza shi bayan an saya. Hatimin da ke jikin maƙalli shi kaɗai ba hujja ba ce a kan sauran sarƙar.

3. Auna, ka cire duk abin da ba gwal ba

Kar ka ɗora sikelin a wuri mai laushi, ɗora shi a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, ka kashe fanka don iska na motsa lambar ƙarshe. Tabbatar yana kan giram, harafin g, don waɗannan ƙananan sikelin suna da ma'auni da yawa kuma maɓalli ɗaya ne ke juya su. Jira ya nuna 0.00 kafin ka ɗora. Auna sau uku.

Sarƙar da za mu yi aiki da ita tana da hatimin 750 a maƙalli da kuma jikin abin da aka rataya mata, akwai dutse guda ɗaya a tsakiya wanda rasit ya ce karat 2 ne. Sikeli ya nuna 23.40. Dutsen karat 2 sau 0.2 ya zama 0.40 na giram. Cire shi, saura 23.00. Wannan 23.00 shi ne nauyin ƙarfen, kuma da shi za a yi lissafi.

Ba dutse kaɗai ake cirewa ba. Duwatsun ado ƙanana, zaren da ke cikin wasu kayan, fentin ado mai kauri, ɗan sifirin na ƙarfe da ke cikin maƙallin sarƙa, duk suna hawa sikeli amma ba gwal ba ne. Wasu awarwaro masu kauri ma da rami a cikinsu kuma akan cika ramin da wani abu don kada su lotse. In kana saye ka nemi a rubuta maka nauyin duka da nauyin ƙarfe zalla daban-daban a rasit. Abin da ke ƙona min rai shi ne a sayar wa mutum da duwatsun gilashi a farashin giram na gwal, ranar da ya dawo sayarwa kuma a zare su a ajiye masa a gefe a ce ba sa cikin lissafi. Tun ranar saye ake hana wannan.

4. Fitar da gwal ɗin da ke ciki

Nan ne zuciyar aikin kuma layi ɗaya ne.

```
23.00 × 0.750 = 17.25
```

Sarƙar nan mai giram 23 tana ɗauke da gwal tsantsa giram 17.25. Sauran giram 5.75 azurfa ne da jan ƙarfe ko makamantansu. Ba a sa su don ha'inci ba, gwal tsantsa yana da laushi sosai, yana lanƙwashewa yana karcewa, ba ya riƙe dutse da kyau, gamin ne ke ba shi ƙwari. Shi ya sa kayan da aka jera wa duwatsu suka fi zuwa a 18.

Kwatanta da wasu. Da sarƙar 21 ce mai wannan nauyin, 23 sau 0.875, gwal ɗinta 20.13 ne. Da 14 ce, 23 sau 0.585, 13.46 ne. Kaga sarƙa uku masu nauyi ɗaya a sikeli, a ido ma kusan ɗaya, amma tsakanin ta sama da ta ƙasa akwai gwal sama da giram shida da rabi.

Abu biyu nake so su zauna maka a nan. Na farko, kashi 75 ɗin nan na nauyi ne, ba na girma ba. Gwal ya fi abokan gaminsa nauyi nesa ba kusa ba, santimita ɗaya ta kowane gefe na gwal giram 19.3 ne, na azurfa 10.5, na jan ƙarfe wajen 9. Don haka in ka ɗauki gami mai gwal 75, azurfa 12.5, jan ƙarfe 12.5, wurin da gwal ya cike a jikin ƙarfen wajen kashi 60 ne cikin ɗari duk da a nauyi shi ke da 75. Amfanin sanin wannan shi ne zobe biyu masu girma ɗaya sak, na 18 zai fi na 22 sauƙi a hannu, na 14 kuma ya fi su duka sauƙi. A kan wannan gwajin ruwa da ke mataki na 6 ya dogara.

Na biyu, launi ba ya canza lissafin. Gwal 18 mai ruwan ɗorawa, da mai ja-ja, da fari, duk 750 ne. Rubu'in nan da ya rage ne ake wasa da shi. In aka yawaita jan ƙarfe ya yi ja-ja, in aka sa faladiyam ko nikel ya yi fari, kuma yawancin farin ana ƙara masa rufin rodiyam don ya yi haske, wanda ke gogewa a hankali har ka fara ganin ɗan rawaya-rawaya a ƙasan zobe. Wannan ba alamar jabu ba ce. Mai fatar da ba ta shiri da nikel dai ya tambaya kafin ya sayi fari. Kuma kar wanda ya ce maka yana gane karat da ido, ana iya yi wa 14 rufin gwal mai tsabta ya fito ya fi 18 na gaske kyau.

5. Mayar da shi kuɗi

Farashin gwal na duniya da kake gani a waya na gwal tsantsa ne, kuma akan faɗe shi a kan oza ɗaya ta gwal, wadda ake rubutawa troy ounce ko ozt. Wannan ozar giram 31.1035 ce. Ozar kayan masarufi 28.35 ce, in ka yi amfani da ita lissafinka ya karkace da kusan kashi goma cikin ɗari. Raba farashin oza da 31.1035 ka samu na giram ɗaya, sannan ka mayar da shi kuɗin da kake ciniki da shi.

Don lissafi ya yi sauƙi mu ce giram ɗaya na gwal tsantsa 100 ne, ko da wane irin kuɗi. Giram na 18 ya zama 75. Darajar gwal ɗin sarƙarmu za ka iya samunta ta hanya biyu, 17.25 sau 100, ko 23.00 sau 75, duk 1,725 za su ba ka.

Gargaɗi mai girma: hanya ɗaya za ka bi, ba duka biyun ba. In aka riga aka mayar da nauyin zuwa 17.25, farashin gwal tsantsa za a buga masa. In aka bar nauyin a 23.00, farashin 18 za a buga masa. Wanda ya ɗauki 17.25 ya buga da 75 ya rage maka rubu'i sau biyu, zai ce maka 1,294 maimakon 1,725, ka yi asarar 431 kana tsaye kana kallo. Wani da gangan yake yi, wani kuma shi ma ruɗewa ya yi, ko ma wanne ne kai dai ka tambaya: wannan farashin na giram ɗin 24 ne ko na 18?

In kana saye, a ce mai kaya ya ce 2,070, ban da kuɗin dutse. Cire 1,725, saura 345. Wannan shi ne kuɗin aiki da riba da haraji in akwai, kashi 20 cikin ɗari a kan darajar gwal ɗin. Ba laifi ba ne a biya kuɗin aiki, maƙeri ya yi wahala, amma ka san shi ne ɓangaren da ake ciniki a kai kuma shi ne ɓangaren da galibi ba ya dawowa ranar sayarwa. Mai saye daga hannunka zai fara ne daga 1,725 ya ɗan yi ƙasa saboda kuɗin narkarwa da tacewa da tasa ribar.

In musanya za ka yi, ka ba da 18 ka karɓi 21, kar ka yarda a yi maganar giram da giram, kuma kai ma kar ka sa ran haka. Raba gwal ɗinka tsantsa da tsabtar abin da za ka karɓa, 17.25 a raba da 0.875 ya ba da 19.71. Wato sarƙarka mai giram 23 daidai take da giram 19.71 na 21, kafin a zo maganar kuɗin aikin sabon kayan.

Haka in za a narka maka tsofaffin kaya masu karat daban a yi sabo. Giram 20 na 18 da giram 10 na 21 ba za su ba ka 19 da rabi ba don kawai ita ce tsakiyar 18 da 21. Na farko yana da gwal 15, na biyu 8.75, jimla 23.75 a cikin giram 30, wato 792 cikin dubu, karat 19 kenan. Kullum a gwal tsantsa ake haɗa lissafi sannan a dawo karat.

6. Tabbatar hatimin bai yi ƙarya ba

Duk lissafin da muka yi ya rataya ne a kan cewa 750 ɗin nan gaskiya ce. Ga yadda ake bincikawa, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Maganaɗisu shi ne na farko. Gwal ba ya bin maganaɗisu, in jikin sarƙa ya manne to magana ta ƙare. In maƙallin ne kawai ya ɗan motsa, sifirin ɗin ciki ne, ba komai. Amma rashin mannewa ba ya nufin gwal ne, jan ƙarfe da azurfa da tagulla duk ba sa mannewa. Wannan gwajin yana kama jabu na arha ne kawai, ba ya faɗin karat.

Gwajin ruwa ya fi shi amfani kuma kyauta ne. Cire abin da ke da dutse, ka yi da ƙarfe zalla. Don misalinmu mu ɗauka duka giram 23.00 ɗin ne za a gwada ba dutse. Ɗora kofin ruwa a sikeli, ka tabbatar nauyinsa bai wuce ƙarfin sikelin ba, danna maɓallin TARE ya koma 0.00. Ɗaure kayan da zare ka saukar da shi cikin ruwan ya nutse gaba ɗaya, amma kar ya taɓa ƙasan kofi ko gefe, kana riƙe da zaren a sama. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da kayan ya ture. Raba nauyin kayan da wannan lambar, a misalinmu mu ce 1.48 ya nuna.

```
23.00 ÷ 1.48 = 15.5
```

Gwal 18 mai ruwan ɗorawa yakan faɗa tsakanin 15 da 16, don haka 15.5 ta yi daidai. Da 14 ne za ka ga sikeli ya nuna wajen 1.75, amsa ta fito 13 da ɗan abu. Da tagulla ce mai ruwan gwal zai nuna wajen 2.7, amsa ta tsaya wajen 8 da rabi, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Na 22 kuma yana haurawa kusa da 18.

Kula da kumfar iska, tana maƙalewa a tsakanin ƙwayoyin sarƙa ta ƙara lambar ruwa, amsa ta faɗi ƙasa ka zargi kayan kirki. Girgiza zaren a hankali har kumfar ta tashi. Kuma kuskuren 0.05 kawai a wannan 1.48 ɗin zai kai amsarka 15.0 ko 16.1, shi ya sa gwajin ba ya da amfani a ɗan kunne mai giram biyu, lambar ta yi ƙanƙanta. Kayan da ke da rami a ciki ma ba a gwada su haka, iskar ciki za ta sa gwal na gaske ya fito kamar jabu. Farin gwal mai faladiyam yakan ɗan fi nauyi, mai ja-ja ya ɗan fi sauƙi. Wannan gwajin zai raba maka 18 da 14, amma ba zai raba 750 da 730 ba.

Na gaba shi ne dutse da asid, aikin maƙera. Ana goga kayan a baƙin dutse ya bar layi, a ɗiga asid ɗin da aka haɗa don 18, in layin ya tsaya to ya kai, in ya narke ya ɓace bai kai ba. A dutsen ake ɗigawa, ba a jikin kayan ba. Rauninsa shi ne sama-sama yake gogowa, in rufin na da kauri zai ci jarabawa, shi ya sa mai sayen tsohon gwal yake ɗan kankare wani lungu da ba a gani kafin ya goga. Ban ba ka shawarar ka sayo asid ka yi a gida ba, yana ƙona fata da ido, kuma karanta sakamakon na son hannun da ya saba.

Sai na'urar XRF, wadda ke haska kayan ta fito da kason kowane ƙarfe a allo cikin ƙasa da minti ɗaya ba tare da ta ɓata komai ba. Za ka ga misali Au 75.1, Ag 12.3, Cu 12.6, wato gwal, azurfa da jan ƙarfe. Matsar da ɗigon gida ɗaya, 75.1 ya zama 751, ka samu lambar tsabtarka. Ita ma dai fatar ƙarfen take karantawa, ba ta shiga can ciki, don haka ka nemi a haska wuri uku aƙalla, tsakiyar sarƙa, kusa da maƙalli, da jikin abin da aka rataya. Wurin da aka yi liƙi yakan nuna ƙasa kaɗan in an yi amfani da abin liƙi mai ƙarancin karat, kuma tsohuwar sarƙar da aka sha gyarawa tana iya zama ƙasa da 750 in an narka ta duka ko da asalinta 18 ce. A farin gwal kuma rufin rodiyam na iya rikita karatun. In ka haɗa XRF da gwajin ruwa, ɗaya ya duba sama ɗaya ya duba nauyin ciki, da wuya kayan ado na jabu ya tsallake su biyun.

Gwajin wuta shi ne mafi inganci, ana yankar ɗan guntu a narka a raba gwal ɗin a auna shi. Yana ɓata kayan, don haka sai in gwal mai yawa ne za a narka ko an samu saɓani mai girma.

In sakamako ya fito 748 ko 752 a na'ura, wannan yana cikin ɗan kuskuren awo. In ya fito 700, karat 16.8 kenan, a sarƙarmu gwal ɗin ya koma 16.10 maimakon 17.25, an rasa giram 1.15. In ya fito wajen 585, to 14 ce aka buga wa hatimin 18.

7. Abin da za a rubuta a rasit

Kafin ka biya, a rubuta lambar tsabta da adadi, 750, ba "gwal mai kyau" ko "na waje" ba. A rubuta nauyin duka 23.40, nauyin dutse 0.40, nauyin ƙarfe 23.00, farashin giram na ranar da kuma na wane karat ne, sai kuɗin aiki a layinsa daban. A auna a gabanka kana ganin allon sikeli ya fara daga 0.00, in ka isa gida ka sake aunawa da naka. Bambancin 0.02 ko 0.03 tsakanin sikeli biyu ba abin damuwa ba ne, in ya kai rabin giram ka koma da kayan da rasit ɗin a ranar, kafin a sa shi a jiki.